VPN da shafukan caca: kuɗi na shiga, fitarsu ce aiki

Matasan Najeriya da yawa sun san VPN ne a watan Yuni na 2021, lokacin da gwamnatin tarayya ta toshe Twitter, toshewar da ba a janye ba sai Janairun 2022. Tun daga nan manhajar ta zauna a wayoyi, ta kuma samu wani sabon aiki: shiga shafukan cacar ƙwallo da ko dai hukuma ta haramta, ko kuma kamfanin da kansa ya ce ba ya karɓar mutanen ƙasar da kake. A Kano, inda Hisbah ta rufe shagunan caca a 2024, harkar ta ƙara komawa cikin waya. A Nuwamban shekarar kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa jihohi ne ke da ikon tsara harkar caca, ba tarayya ba, don haka abin da doka ta yarda da shi a Legas laifi ne a Kano. Hukuncin caca a Musulunci kuwa sananne ne, Alƙur'ani ya haramta ta ƙarara. Abin da ba a cika bayani ba shi ne abin da ke samun asusun wanda ya bi ta VPN, kuma nan ne kuɗin mutane ke maƙalewa.

A wannan harka aikin VPN ɗaya ne. Kowace waya da ke kan intanet tana da lambar adireshi da ake kira IP, wadda ke nuna ƙasar da take. VPN yana bi da saƙonka ta wata na'ura a wata ƙasa, sai shafin ya ga adireshin can maimakon naka. Iyakarsa ke nan. Bai canza sunanka ba, bai canza fasfonka ba, bai taɓa bankinka ba.

Mu ɗauki misali, don a ga yadda abin ke tafiya. Wani saurayi yana son wani shafin waje mai lasisin Curaçao, amma shafin ya rubuta ƙasarsa cikin jerin waɗanda ba ya karɓa. Ya kunna VPN, ya zaɓi Kanada, shafin ya buɗe. A wajen rajista ya sa sunansa na gaskiya, ya zaɓi Kanada a matsayin ƙasar zama, ya kwafo wani adireshi daga intanet, ya danna akwatin da ke cewa ya amince da sharuɗɗa. Ya zuba dala 50 ta USDT, ba wanda ya tambaye shi komai. Ya faɗi, ya ƙara 50, nan ma shiru. Sai wata Asabar wasanni biyar da ya haɗa suka ci, asusunsa ya nuna dala 600. Ya danna cirewa. Maimakon kuɗi, sai saƙo ya zo ana neman ya kammala KYC, wato tantance ko shi wane ne: hoton fasfo ko katin shaida, hotonsa riƙe da katin, da takardar wuta ko ta banki mai ɗauke da adireshinsa, wadda galibi ba a so ta wuce wata uku.

Hanya uku ta rage masa, kuma duk ba ta ɓullewa. In ya tura takardunsa na gaskiya, ya shaida da hannunsa cewa ƙarya ya yi a rajista. In ya yi shiru, kuɗin na nan a daskare. In ya je aka haɗa masa takardar bogi, ya tashi daga karya sharaɗin kamfani ya shiga jabu da zamba, laifin da kotu ke hukuntawa. Sharuɗɗan da ya amince da su bai karanta ba galibi suna ba kamfani ikon rufe asusu, soke cacar da aka ci, da riƙe ribar. Wasu kan maido da uwar kuɗin da ta rage, wasu ko ita ba sa maidowa.

A nan ne nake ganin rashin adalcin ya fi muni. Dala 50 ta farko da ya faɗi, da wuya wani ya ce masa "ai ba ka cancanci wasa ba, ga kuɗinka". Faɗuwarsa ta tabbata, cinsa ne kaɗai ake sokewa. Ya shiga wasan da zai iya faɗuwa amma da ƙyar ya iya ci. Kamfanin da ke barin ƙofar zubawa a buɗe ya ajiye mai gadi a ƙofar fita ya san abin da yake yi. Birtaniya ta rage wannan dabara tun Mayun 2019, lokacin da hukumar kula da cacarta ta wajabta tantance suna da adireshi da shekaru kafin mutum ya fara wasa. Shafuka da yawa masu lasisin tsibirai ba su da wannan matsin, sai ranar cirewa suke tuna doka.

Yaya ma suke ganewa? Sau da yawa tun ranar farko sun sani. Adiresoshin VPN galibi na manyan ɗakunan ajiye na'urori ne, ba na gidaje ba, kuma akwai kamfanonin da sana'arsu sayar da jerin irin waɗannan adiresoshi. Ɗaruruwan mutane kan fito ta adireshi guda. Agogon wayarka na kan lokacin Najeriya alhali kana cewa kana Toronto. Lambar wayar da ka bayar ta fara da +234. In da katin banki ka biya, lambobin farko na katin suna faɗin banki da ƙasa. Manhajar kamfanin kan nemi izinin GPS, wanda VPN ba ya rufewa. Sannan ga yankewar sabis: VPN ya katse na daƙiƙa kaɗan, shafin ya ga adireshinka na ainihi, rajistarsu ta nuna mutumin da ya tashi daga Kanada zuwa Kano ya koma cikin minti ɗaya.

Wasu kan ce su sun fi wayo, da sunan ɗan'uwa da ke waje suka buɗe, ko suka sayi asusun da an riga an tantance. Kuɗin zai fita ne zuwa ga mai sunan, kuma shi ne zai amsa tambaya in bankinsa ya nemi sanin inda kuɗin suka fito. Wanda ya sayar maka da asusu kuwa yana iya canza kalmar sirri ranar da kuɗi suka taru, tunda imel da takardun nasa ne.

Ƙara fa? Hukumar da ta ba kamfanin lasisi za ta duba sharuɗɗa ne, kuma kai ka fara karya su. Hukumar gida ba ta da iko a kan kamfanin da ba ta ba lasisi ba, ga shi zuwa wurinta tona wa kai asiri ne a jihar da caca laifi ce. Wannan giɓin ne 'yan damfara ke cikewa a Telegram da WhatsApp, suna cewa suna da ɗan ciki da zai saki kuɗin in ka fara biyan wani kaso. Wanda ya tura musu yakan haɗa har da hoton fasfonsa da lambar NIN, kuma da waɗannan ana iya buɗe asusu ko karɓar bashi da sunansa.