Yadda za ka rage nauyin bidiyo kafin ka tura shi ta WhatsApp

Bayan bikin 'yar yayata, mai ɗaukar bidiyo ya haɗa mana taƙaitaccen faifai na minti 5: kamu, ɗaurin aure, sai kai amarya. Aikin ya fita tas, har zaren ɗinkin wuyan babbar rigar ango kana gani. Amma nauyinsa megabait 600 ne. Na jefa shi zauren WhatsApp na dangi a haka. Da ya isa, fuskar amarya ta dagule, leshinta ya koma kamar an goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Gwaggo ta bugo waya tana tambaya, "Kai ɗan nan, a cikin hazo aka ɗauki bikin ne?"

Abin da ya faru shi ne, duk bidiyon da ka zaɓo daga ma'ajiyar hotuna ka tura, WhatsApp yana sake matse shi da kansa, a gurguje, ba ruwansa da abin da ke ciki. Ko maɓallin HD da aka ƙara a 2023 iyakarsa 720p. Dabarar ita ce ka yi matsar da hannunka, sannan ka hana shi taɓawa.

Nauyin bidiyo abu biyu ne ke kawo shi: tsawonsa, da yawan bayanan da ake zuba wa kowace daƙiƙa, abin da manhajoji ke rubutawa Bitrate. Ka ɗauke shi kamar awon hatsi. In kowace daƙiƙa tana cin mudu goma, buhu zai cika da wuri. Namu faifan yana cin kusan 16000 kbps, ga shi kuma 1080p, girman da ya dace da talabijin ɗin bango. A fuskar waya, 720p ya wadatar, kuma da yake hoton ya ragu, awo kaɗan ya ishe shi ya fito fes. Nan mutane da yawa ke kuskure: sai su bar shi a 1080p su zaftare awon, hoton ya yi ta farfashewa.

Ga yadda na yi da HandBrake, manhajar kwamfuta ta kyauta. Na buɗe asalin faifan, ba wanda ya riga ya bi ta WhatsApp ba, don abin da matsa ta cinye ba ya dawowa. Na zaɓi Fast 720p30, na bar shi a H.264, na rubuta 1500 a gurbin Avg Bitrate, sauti kuma na sa masa 96. Jimla kusan 1600 ke nan. Raba shi takwas, ka samu kilobait 200 a daƙiƙa, wato megabait 12 a minti. Minti 5 ya tashi a megabait 60, kashi ɗaya cikin goma na nauyin farko. A layin da ke tura megabit 1 a daƙiƙa, wannan aikin minti 8 ne, alhali cikakken 600 ɗin sai ya ci minti 80, in ma sabis bai ɗauke ba. Wanda ba shi da kwamfuta, manhajar waya irin CapCut tana ba da zaɓin 720p da 30 da kuma Bitrate a lokacin fitar da bidiyo.

Za ka ga H.265 a jerin, kuma gaskiya ya fi iya matsewa. Ni dai ba na ba da shawararsa ga bidiyon dangi, domin wasu tsofaffin wayoyi ba sa buɗe shi: ko a ji murya allo baƙi ƙirin, ko ya ƙi tashi sam.

Lambar 1500 ba dole ba ce. Malami da ke zaune yana karatu, bango a bayansa ba ya motsi, 800 ma za ta ɗauke shi. Wurin rawa kuwa, ga fitilu na walƙiya, ga liƙi na tashi, ga kyamara na rawa a hannu, shi ne mai cin awo. Saboda haka kafin ka matse duka, yanki daƙiƙa 20 daga inda aka fi hargitsi ka gwada. In ka ga ƙananan murabba'ai a wuraren duhu, ko fuska na narkewa idan an juya, ƙara zuwa 2000.

Saura turawa. Danna alamar haɗa fayil, ka zaɓi Document maimakon Gallery. Ta wannan hanya WhatsApp yana isar da fayil yadda ka ba shi, har zuwa gigabait 2. Illarsa ɗaya: sai mutum ya sauke shi gaba ɗaya kafin ya kalla, don haka rubuta a ƙasa ko bidiyon mene ne da nauyinsa.

Ka kuma tuna cewa kai sau ɗaya za ka tura, amma kowa a zauren da datarsa zai sauke. In ku 40 ne, faifan megabait 60 zai ci gigabait 2.4 a aljihun dangi. Ajiye asalin a filashi saboda ranar da za a kalla a talabijin, ka tura wa Gwaggo ƙaramin.