Kafin Ka Sa Hannu a Takardar Adaidaita Sahu

Da yawa daga cikin matasan da ke tuƙa adaidaita sahu a Kano da Kaduna da Maiduguri ba da kuɗi hannu suka saye shi ba. Wani mai hali ne ke saya, ya ba su, suna kai masa balas kullum ko duk mako har kuɗin ya cika, abin ya zama nasu. Ranar karɓar makulli kuwa murna kan rufe ido, a miƙo takarda mai shafi uku da Turanci, a ce "sa hannu nan." Rigimar da za a yi bayan shekara guda tana kwance a cikin waɗannan shafuka, kuma ko ba lauya ba ne kai, kana iya hango ta.

Fara da neman lambobi. A ce farashin keken a kasuwa naira miliyan 4 ne, an ɗora maka shi a miliyan 6, za ka riƙa biyan 75,000 duk mako. Lissafi ya ba ka mako 80. Dokar irin wannan ciniki ta Najeriya, ta shekarar 1965, ta wajabta a rubuta farashin kuɗi hannu, da jimillar abin da za ka biya, da adadin kowane biya da ranarsa. In takarda ta ce "75,000 duk mako" kawai, ba jimilla, ba ranar gamawa, to dakata. Haka nan in kalmar haya ce kaɗai ke yawo a ciki, babu layin da ya ce keken zai zama mallakinka da zarar ka kammala. Irin wannan takarda ɗan haya ta mai da kai, ko da shekara biyu ka yi kana biya.

Sharaɗin da ya fi cin mutane shi ne na saɓa biya. Yawanci za ka ga an rubuta cewa in ka yi fashin mako biyu, mai keke zai ƙwace abinsa, kuma duk abin da ka biya ya bi ruwa. Ka auna shi da misalinmu. Ka biya mako 55, wato naira miliyan 4 da dubu 125, sai zazzaɓi ya kwantar da kai, ko injin ya buga. A bisa takardar, ka tashi a tutar babu. Amma doka ta ce in abin hawa ne, da zarar ka biya kashi uku cikin biyar na jimilla, mai shi ba zai ƙwace ba sai ta hanyar kotu. A nan kashi uku cikin biyar shi ne miliyan 3 da dubu 600, wato mako 48. In ya yi gaban kansa ya ƙwace, kana iya neman duk kuɗin da ka biya. Abin da doka ta yarje masa, in bashin biya uku ya taru, shi ne ya ɗauke keken ya adana shi har kotu ta yanke hukunci, ba ya sayar ko ya ba wani direba ba. Sai dai kafin ka kai mako 48 ɗin nan kariyarka kaɗan ce, shi ya sa nake ganin tun ranar farko ya kamata a rubuta kwanakin uzuri na ciwo da gyara. Alkawarin baki na "ai mu 'yan'uwa ne, ba za mu yi haka da kai ba" ba ya tsayawa a gaban alƙali in rubutu ya saɓa masa.

Tarar jinkiri ma a duba ta. Ƙarin kuɗi a kan bashi saboda an makara, malamai riba suke kiransa.

Sai mai tsaya maka. Yayanka ko kawunka da zai sa hannu ya san abin da ya ɗauka: kawo ka kawai zai yi in ka ɓuya, ko biyan duk ragowar kuɗin? In an nemi ya ajiye takardar gidansa, a rubuta ranar da za a mayar masa.

Kada ka sa hannu a takarda mai gurbin da ba a cike ba, wai za a cike daga baya. Ka sunkuya da kanka ka karanta lambar inji da ta jikin keken, ka gwada da abin da aka rubuta. In ba ka jin Turanci, ka zo da naka mai karatu, ba yaron mai keke ba, ya fassara maka layi-layi. Wanda ya hana ka tafiya da takarda gida ka kwana da ita, akwai abin da ba ya so ka gani. Bayan sa hannu doka ta ba shi kwana 14 ya ba ka kwafinka, amma gara ka karɓa nan take, kuma duk balas da ka kai a ba ka rasit mai kwanan wata.