Gadar Bromin: Dalilin da Atam Biyu ke Shiga ta Fuska Daban-daban

Idan aka ɗiga ruwan bromin mai ja-ja cikin sinadarin saikulohekzin, nan take launin ke ɓacewa. Abin da ya faru a ɓoye shi ne labarin.

Saikulohekzin na cikin dangin alkin, masu ɗauri biyu tsakanin kabon da kabon. Ɗaurin nan kan fizgi atam ɗaya daga Br₂, atam ɗin ya haye kan kabon biyun ya zama gada mai cajin tabbatacce. Roberts da Kimball suka kawo wannan bayani a 1937.

Tunda gadar ta toshe fuska ɗaya, dole bromin na biyu ya bullo ta baya. Shi ya sa atam biyun ke ƙarewa suna ba juna baya, ba gefe guda ba.

To, wane kabon ake kai wa hari? A gwada firofin, CH₃CH=CH₂, cikin ruwa. Gadar ba ta zauna daidai, domin kabon na tsakiya ya fi ɗaukar cajin. Nan ruwa ke kamawa, bromin ya zauna a ƙarshe, a samu CH₃CH(OH)CH₂Br.