Uwargida Mai Kanti, Kada Kuɗinki Su Kwanta A Kan Kanta

Maganarmu ta wannan mako ta masu sayar da kayan kwalliya ce, ko wadda ta kama ɗan kanti a bakin hanya, ko wadda ta ajiye akwatin gilashi a tsakar gida. Ku ma 'yan makaranta masu tsare wa iyayenku kanti bayan an tashi, ku matso kusa, gama akwai aikinku a ciki.

Abin da ya jawo maganar, wata aminiyata ce da na kai wa ziyara kwanan baya. Na tarar da kantinta maƙil da kaya har rufi, ga turaruka a jere, ga hoda kala-kala. Na ce, "Kai Hajiya, ai kasuwa ta yi albarka." Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Malama, kada cikar kanti ta ruɗe ki. Tun safe mata huɗu suka zo neman man shafawa, babu, kuma ba ni da kuɗin da zan saro." Ba a yi mata sata ba, ba ta kuma ci jarin ba. Kuɗinta suna nan a gabanta, sai dai sun zama kwalabe, kwalba kuwa ba ta biyan kuɗin haya.

Muka zauna da takarda da biro, muka ɗauki kaya iri biyu kacal. Ki lura da lissafin, ba ya wuce na 'yan aji huɗu. Farashin da zan ambata na misali ne, ke sai ki sa na kasuwarku.

Na farko wani turare ne mai tsada. Dila ya ce mata in ta ɗauki dozin zai bar mata kwalba a kan naira 5,000, wato naira 60,000 ke nan. Tana sayar da kwalba naira 7,000, riba naira 2,000. Wa zai ƙi wannan? Amma kwalba biyu take sayarwa a wata. Ashe sai ta yi wata shida kafin dozin ɗin ya ƙare, ribar duka naira 24,000. Uwar kuɗin ma ba za ta dawo hannunta ba sai ta sayar da kwalba ta tara, wajen wata huɗu da rabi ke nan.

Na biyu man shafawa ne na yau da kullum, wanda take sara naira 1,000 ta sayar naira 1,200. Riba naira 200, abin da ita kanta take rainawa. To amma roba biyu ke fita kowace rana, 60 a wata. Naira 60,000 ɗin nan da ta binne a turare, da mai ta saya da su, da sun dawo a wata ɗaya tare da ribar naira 12,000, ta sake mayar da su kasuwa. A wata shida riba ta kai naira 72,000, ninki uku na abin da turaren ya kawo.

Don haka idan kin ɗaga kaya a gaban dila, kada ki tsaya ga tambayar nawa za ki samu a kan ɗaya. Ki tambayi kanki, kwana nawa kuɗina za su yi kafin su dawo? Amsar ba ta da wuya. Ki raba yawan abin da kike shirin saya da yawan wanda ke fita a mako, abin da ya ba ki shi ne makonnin da kuɗinki za su yi a kwance.

Kada ki ce na hana ki sayar da turare mai tsada. Kantin da babu shi ba ya jawo amare da masu haɗa lefe, kuma wadda ta zo dominsa ba ta fita sai da sabulu da hoda. Kuskuren aminiyata a dozin yake. Da kwalba uku ta ɗauka, ko da dila ya ƙara mata naira 300 a kan kowace, ta biya naira 15,900, sun ishe ta wata ɗaya da rabi, ga naira 44,100 a hannunta na sayen abin da ake nema. Ragin da ta bi ta ɗauki dozin dominsa, gaba ɗayansa naira 3,600 ne. Dila ba maƙiyinki ba ne, amma shi ma so yake kayan su bar ɗakin ajiyarsa su koma naki. Idan ya ƙi fasa dozin, ki nemi 'yan'uwanki masu kanti biyu ko uku ku raba.

Man shafawar ma yana da iyaka. Masu saye ba za su ƙaru ba don kin tara katan goma. Roba biyu a rana, biyu ce.

To yaya za ki san abin da ke gudu da abin da ke rarrafe? Ba da ka ake riƙe wannan ba, domin zuciya ta fi tuna ranar da aka yi babban ciniki, ta manta kwana ashirin da kwalba ta yi ba a ko taɓa ta ba. Ki sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Kowane kaya ki ba shi layinsa, duk wanda aka sayar a ja ɗan kara a gabansa. Wannan aiki 'yarki za ta iya shi sarai. A bangon baya kuma a riƙa rubuta abin da aka zo nema aka tarar babu, gama wannan cinikin da ya wuce ki ne, kuma ba zai fito a lissafin kuɗi ba. Wanda aka ɗauka bashi a sa masa alama dabam. Sau da yawa za ki ga kaya suna ƙarewa da sauri ki zaci suna gudu, alhali kuɗinsu sun tashi daga kan kanta ne sun koma gidajen mutane sun kwanta.

Bayan mako huɗu ki buɗe littafin. Za ki ga kaya kaɗan ne ke ɗauke da kantin, irin su sabulu, man shafawa, basilin, man kitso, kwalli da ƙananan turaruka. Waɗannan su za ki fara ware wa kuɗi ranar sari, kafin idonki ya faɗa kan sabon yayi.

Ga yadda za ki san adadin da za ki saro. A ce duk mako biyu kike shiga Kasuwar Sabon Gari a Kano. Mai yana fita biyu a rana, kwana 14 sun ci roba 28. Ki ƙara na kwana uku ko huɗu saboda halin rashin lafiya ko wata hidima da za ta hana ki fita, ya zama 36, dozin uku. Wannan shi ne cikar kantarki. Daren da za ki tafi ki ƙirga abin da ya rage. In kin tarar da 11, dozin biyu za ki saya, ba uku ba. Kin ga ashe ko man ma bai kamata ya riƙe miki fiye da naira 36,000 a lokaci ɗaya ba. Ke kuwa da kike nesa, wadda sai kin aika da kuɗi an ɗora miki kaya a mota, ki ƙara kwanakin da kaya kan yi a hanya cikin lissafin. Kada kuma ki je kasuwa ba tare da takardar da kika rubuta a gida ba. Ni dai ban taɓa ganin macen da ta shiga layin 'yan kayan kwalliya da kuɗi a jaka ba takarda, ta fito da abin da ta je nema kaɗai ba.

Inda kwantai ya fi ɓuya shi ne kayan da ke zuwa kala-kala, wato hoda da jan baki da jan farce. Kwali ɗaya kan zo da kala shida ko goma sha biyu, amma matan unguwarku kala biyu ko uku suke so. Waɗannan su ƙare a mako, sauran su zauna. Sai ki sake ɗauko wani kwalin haɗe don ki sami kalar da ake nema, ragowar ta ninku. Saboda haka a littafinki kowace kala layinta dabam, a kasuwa kuma ki nemi kalar da kike so zalla, ko da ta ɗan fi tsada.

Sai maganar lokaci. Kantin kayan kwalliya kalanda biyu yake bi. Hunturu na zuwa a lokacinsa kowace shekara, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da fata ke bushewa, basilin da mayuka masu kauri su yi ta gudu. Ki fara ƙara su a ƙarshen Oktoba, ki rage hannu tun Janairu bai ƙare ba, in ba haka ba zafin Maris ya same ki da katan ɗin da ba mai tambaya. Salla kuwa wata take bi, kowace shekara tana matsowa da kamar kwana 11, don haka kada ki dubi watan Turawa na bara, ki ƙirga daga ranar da aka ɗauki azumi. Lalle da turare da jan baki na ƙaramar Salla su shigo kanti kafin azumi ya raba, ƙari na ƙarshe kuma ya zama kaɗan. Bayan Salla aljihun kowa a bushe yake, abin da ya kwana ya kwana ke nan sai babbar Salla.

Wata za ta ce, ai kaya kullum tashi suke, gara in tara tun da sauƙi. Da gaskiyarta, duk mun ga yadda kayan waje suka hau bayan faɗuwar darajar naira a 2023 da 2024. Amma wannan dabara ta sabulu ce da irinsa, masu gudu kuma masu jure ajiya. Jan baki narkewa yake a kanti mai rufin kwano, mai yakan tsinke ya saki ruwa a sama, turaren da rana ke duka yakan sauya ƙamshi. Tun a gaban dila ki juya kwali ki duba lambar NAFDAC da ranar da aka rubuta a gaban EXP. Kayan da ba su gudu, in saura wata shida su lalace, ki ajiye masa abinsa komai araharsu.

Abin da muka yi da aminiyata ranar nan, mun sauke duk abin da ya haura wata uku bai motsa ba, muka tara a tabarma. Ta so ta ƙi, tana cewa ba za ta faɗi ba. Na nuna mata cewa turaren da ta saya naira 5,000, in ta sake shi a haka ba riba, kuɗin nan sun sayi roba biyar ta mai, waɗanda za su fita a kwana uku. Kalolin hodar da suka kwanta ta haɗa su da sabulu da mai a farashi ɗaya don masu haɗa kayan amarya. Wanda ranarsa ta wuce kuwa muka zubar, domin ba a sayar wa 'yar'uwa abin da zai ɓata mata fuska. Yanzu duk kwalin da ya shigo tana rubuta ranar zuwansa a gindinsa, tsohon kaya a gaba, sabo a baya, ranar Juma'ar ƙarshen wata kuma ita da 'yarta su bi kanta suna juya kwalaye suna duba kwanan wata.