Takardar Neman Hutu Domin Biki

Ana sanad da hakimai da malamansu na ƙasar Daura yadda ya kamata a rubuta takardar neman hutu idan ma'aikaci zai yi aure, da yadda za a duba ta.

Abu na fari, Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta 1974 ba ta keɓe wani hutu musamman domin aure ba. Abin da ta tanada shi ne hutun shekara, watau aƙalla kwana 6 na aiki tare da cikakken albashi, ga wanda ya yi wata 12 a jere yana aiki. Ka'idodin aikin Gwamnati sun fi haka yalwa, gwargwadon matsayin mutum. Saboda haka ango ba ya rubuta cewa a ba shi "hutun aure" kurum. Wajibi ne ya faɗi yawan kwanakin da ya ke bukata, ya kuma roƙa a cire su daga hutunsa na shekara.

Wurin lissafin kwanaki a kan yi kuskure. Yawancin samari ranar ɗaurin aure kaɗai su kan tuna, su manta da hidimar da ke gabanta da zaman angwanci da ke bayanta. A fiƙihun Malikiyya budurwa tana da kwana 7, bazawara kwana 3, kafin mai wata mata ya koma rabon kwana, daga daren da ta tare kuwa a kan fara ƙirga.

Ga misali. Wani malamin hakimi a gundumar Sandamu zai auri budurwa cikin Nuwamba 2025. Hidima za ta soma ran Laraba 12 ga wata, a ɗaura aure ran Jumma'a 14, a kai amarya ran Asabar 15 da dare. Dare na bakwai ya faɗa ran Jumma'a 21. Daga 12 zuwa 21 kwana 10 ke nan, amma in an fid da Asabar da Lahadi, ranakun aiki 8 ne. Ga takardar da ya rubuta ran 13 ga Oktoba:

"Zuwa ga Sakataren Majalisar Masarautar Daura, ta hannun Hakimi. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ladabi, ina roƙon izinin hutu domin aurena, wanda za a ɗaura ran Jumma'a 14 ga Nuwamba. Ina neman daga Laraba 12 zuwa Jumma'a 21 ga wata, ranakun aiki 8, a cire su daga hutuna na bana, wanda ban taɓa ba. Zan komo aiki ran Litinin 24 ga Nuwamba, in Allah ya so. Malam Wane ya yarda ya riƙe littattafan ofis da mabuɗai. Ana iya samuna a gidan mahaifina cikin Daura. Haza wassalam."

Da ya rubuta "mako guda" kawai, da akawu ya ƙirga daga 12 ya tsaya a 18, a wayi gari ran 19 ana cigiyarsa, alhali saura dare uku a cika bakwai. Wanda ya ƙi zuwa aiki ba da izini ba kuwa, ana iya yanke masa albashi, a kuma sa takardar gargaɗi cikin fayil ɗinsa.

Idan takarda ta iso, hakimi ya duba abu uku kafin ya sa hannu: ko akwai ranar tafiya da ta komowa, ko yawan kwanakin ya dace da su, ko kuma wanda aka ambata zai riƙe aikin ya san da maganar. Sa'an nan ya rubuta ra'ayinsa a gindinta, ya aika da ita gaba. Kada ya riƙe ta, gama iyaye sun riga sun sa rana, an kuma gayyaci mutane. Idan bikin ya faɗa lokacin hawan salla ko Sallar Gani, sa'ad da hakimai ke taruwa a Daura da jama'arsu, gara a gaya wa malamin tun da wuri, ko a rage kwanakin, ko a nemo wani mai riƙo.

Izinin baka ba ya isa. Ango ya ajiye kwafin takardarsa, kada ya bar ofis sai amsa ta zo a rubuce. In iyaye sun ɗaga rana, sai ya sake rubuta wata nan da nan. Ran da ya komo kuma ya rubuta layi biyu ya sanar cewa ya kama aiki, domin a shigar da sauran hutunsa daidai a littafi.