Yadda Za Ka Zaɓi Gaisuwa Da Sallama A Imel Ɗin Wurin Aiki

Da yawanmu mun saba da WhatsApp, inda "Slm ya kk" ke wadatarwa. Amma imel na zama a ajiye, kuma ana iya tura shi gaba ga shugaban da ba ka yi zato ba. Don haka kafin ka fara rubutu, tambayi kanka: da a ofishinsa na same shi, yaya zan gaishe shi?

A ce kai ƙaramin ma'aikaci ne a sakatariyar ƙaramar hukumar Ajingi, kana neman hutun kwana 2 don halartar ɗaurin aure a Gaya. Ga shugaban sashenku, sai ka fara da "Assalamu alaikum, ranka ya daɗe". In mace ce, ka ce "ranki ya daɗe Hajiya". Kada ka ambaci sunansa kai tsaye, muƙaminsa ya isa. Layi ɗaya na gaisuwa ya wadatar, daga nan sai buƙatarka da ranakun da kake so. Ka rufe da "Na gode, Allah ya ƙara girma", sannan cikakken sunanka da sashenka. Idan da Turanci ne, `Dear Sir` ko `Dear Madam` suna tafiya ne da `Yours faithfully`.

Ga abokin aikin da zai riƙe maka teburi kuwa, "Salam Malam, barka da aiki" ya isa, ka rufe da "Na gode, sai na dawo". In ka ce masa "ranka ya daɗe", zai ɗauka zolaya ce. Haka kuma "Allah ya ja zamanin sarki" na Sarkin Gaya ne da takwarorinsa, ba na darakta ba.

Idan mutane da yawa ne a layin `To`, gaisuwar ta dace da mafi girma a cikinsu. Wanda ke `Cc` ba a gaishe shi daban, amma ka tuna yana karantawa.

Abu biyu ne ke yawan ba da matsala a waya. Na farko, gaisuwar lokaci: ka rubuta "ina kwana" da safe, shi kuma sai bayan la'asar ya buɗe. Sallama ba ta da wannan matsalar. Na biyu, sa hannun da Gmail ke liƙawa da kansa a ƙarshen saƙo. In ka taɓa saka laƙabinka a can, shi ma darakta zai gan shi. Shiga `Settings`, ka taɓa adireshinka, ka duba `Mobile signature`, ka bar suna da muƙami kawai.

In shugaba ya amsa da "To, babu damuwa" kaɗai, kada ka kwaikwayi gajarcinsa. Kai dai ka mayar da "Na gode, ranka ya daɗe".