Yadda Ake Lissafa Sakamakon Zango: Maki, Harafi da Matsayin Ɗalibi

Takardar sakamakon zango jadawali ce da malamin aji ke tara makin ɗalibansa a ciki, kowane ɗalibi da layinsa, kowane darasi da gurbinsa. Daga ita ake kwafe abin da ke shiga katin da yaro ke kai wa iyayensa. Abubuwa uku take fitarwa: jimillar maki, harafin daraja, da matsayin ɗalibi a aji. Makarantu da yawa sun koma yin wannan aiki a manhajar Excel, amma lissafin ɗaya ne da na biro da takarda.

Matakin farko shi ne ba kowane aiki nauyinsa. A makarantun Najeriya an saba raba maki 100 gida biyu: ayyukan cikin zango, waɗanda malamai ke kira si'e, su ɗauki 30 ko 40, jarrabawar ƙarshe ta ɗauki ragowar. A ce wata makaranta ta ware 10 ga aikin gida, 30 ga gwaji, 60 ga jarrabawa. Malamin lissafi kuwa ya duba aikin gida bisa 20, gwaji bisa 50, jarrabawa bisa 100. Wata ɗaliba ta sami 16, da 35, da 68. Ba a haɗa waɗannan kai tsaye. Ana raba kowane maki da abin da aka duba shi a kai, sannan a ninka da nauyinsa. Aikin gida ya ba ta 8, gwaji 21, jarrabawa 40.8, jimilla 69.8. Idan makin uku suna gidajen C2, D2 da E2, ga abin da ake rubutawa a F2:

```
=C2/20*10+D2/50*30+E2/100*60
```

Daga nan sai harafi. Sakandare da dama na bin tsarin da aka sani a jarrabawar WAEC, inda 75 zuwa sama ke zama A1, 70 zuwa 74 B2, 65 zuwa 69 B3, a haka har ƙasa da 40, wanda shi ne F9. To ina 69.8 ta faɗa? Idan aka cike ta zuwa 70, ɗalibar ta ci B2. Idan aka bar ta yadda take, B3 ce. Dole makaranta ta tsai da ƙa'ida ɗaya ga kowa kafin a fara. Akwai kuma wani tarko a nan: ana iya saita gida ya ɓoye ɗigon goma, sai ya nuna 70 alhali 69.8 ce a cikinsa. Alamar wannan matsala ita ce a ga 70 da B3 a layi ɗaya. Maganinta a cike makin da gaske kafin a nemi harafi:

```
=ROUND(F2,0)
```

Matsayi a aji yana fitowa ne bayan an gama dukkan darussa. Idan kowa darussa iri ɗaya ya ɗauka, jimilla ta wadatar. A manyan azuzuwa kuwa, inda wani ke da darasi tara wani takwas, da matsakaicin maki ake aunawa. Mai 560 a darasi takwas yana da matsakaicin 70, mai 585 a tara yana da 65, don haka na farkon ne a gaba duk da jimillarsa ta fi ƙanƙanta. A ajin mutum 45, idan matsakaicin yana layin M, ana rubuta:

```
=RANK(M2,$M$2:$M$46,0)
```

Alamar `$` ita ke riƙe jerin ajin a wuri ɗaya yayin da ake jan fomular zuwa ƙasa. In an manta da ita, jerin sai ya dinga zamewa, ana kwatanta kowane yaro da na ƙasansa kawai, har a wayi gari aji yana da na ɗaya mutum uku ko huɗu da maki daban-daban. Idan kuwa mutum biyu suka yi kunnen doki da gaske a matsayi na uku, dukansu na uku ne, mai bi musu ya zama na biyar. Wannan ba kuskure ba ne.

Gidan da aka bari babu komai ma yana canja sakamako. Umarnin `AVERAGE` yana tsallake shi, amma yana ƙirga sifiri. Ɗalibin da ya ƙi zuwa jarrabawar darasin da ke ba shi wahala zai iya hayewa sama idan aka bar gurbinsa wayam. Shi ya sa ake bambanta wanda ba ya ɗaukar darasin, a bar gidansa haka, da wanda ya yi fashi ba uzuri, a sa masa sifiri in dokar makarantar ta ce haka.

Kafin a cike katuna, malamin aji kan tabbatar nauyin ayyukan ya haɗa 100 daidai, ya duba ko akwai makin da ya zarce iyakarsa, kamar 53 a gwajin da aka duba bisa 50, sannan ya zaɓi ɗalibai biyu ko uku ya sake lissafa nasu da hannu. Idan sakamakon hannu ya saɓa da na kwamfuta, a fomula ake fara neman kuskuren, domin kuskure ɗaya a can yana shafar ajin gaba ɗaya.